Kurakuran da ake yawan yi a kan beli da kuɗinsa

Alƙali ya ce: “An ba da belinsa a kan naira 500,000, da mutum biyu masu tsaya masa a kan kwatankwacin wannan adadi.” Kafin la'asar mahaifin yaron ya kai babur ɗinsa kasuwa, uwa kuma ta fito da ɗan kunnenta na gwal. Wannan shi ne kuskuren da ya fi ci mini rai, domin sau da yawa babu ko kwabo da aka ce su kawo.

A galibin shari'o'i a Najeriya, adadin da alƙali ya ambata alkawari ne. Wanda ake tuhuma da masu tsaya masa za su sa hannu a takarda cewa zai riƙa zuwa kotu duk ranar zama, idan kuma ya gudu, gwamnati na bin su wannan kuɗi. Muddin yana zuwa, kuɗin na nan a aljihun mai shi. Abin da kotu ke dubawa shi ne ko mai tsayawar yana da halin biya, da kuma adireshin da za a same shi, shi ya sa ake neman hoto da katin shaida, wani lokaci da takardar fili ko ta wurin aiki. Saboda haka kafin a sayar da komai, a je wurin rajistara ko lauya a tambaya: sa hannu kawai za a yi, ko kotu ta ce a ajiye tsabar kuɗi?

Kotu tana da ikon cewa a ajiye. Sashe na 165 na dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ya ba ta wannan dama, ya kuma ce a mayar da abin da aka ajiye idan an kammala shari'a ko ɗaukaka ƙara. Jihohi suna da irin tasu dokar, kamar Kano da ta yi tata a 2019. A nan mutane ke asarar haƙƙinsu, don suna zaton idan an sami mutum da laifi kuɗin ya tafi ke nan. Kuɗin beli ba tara ba ne, ba kuma diyya ba ce ga mai ƙara. Jinginar halartar kotu ne kawai. Wanda ya halarci zama har ƙarshe ya cika alkawari, ko an sallame shi ko an ɗaure shi. A biya ta hanyar da kotu ta tsara, a karɓi rasit mai lambar shari'a, a adana shi kamar takardar gida, domin da shi za a rubuta neman a maido da kuɗin. Wanda ya miƙa wa wani a hannu a bakin ƙofar kotu ba shi da hujjar komai.

A caji ofis kuwa beli kyauta ne. Duk abin da aka karɓa a can da sunan “kuɗin beli” cin hanci ne, kuma ba ya dawowa.

Wani kuskuren shi ne ɗaukar beli a matsayin sallama. Sashe na 36(5) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar, shi ya sa ake barinsa ya jira shari'a a gida maimakon gidan gyaran hali. Amma tuhuma tana nan. Idan ya ƙi zuwa, ko ya tsorata shaidu, alƙali zai iya soke belin ya sa a kamo shi. In rashin lafiya ce ta hana shi, a kai takardar asibiti ranar zaman, kada a yi shiru.

Sai mai tsayawa, wanda yakan sa hannu don kunyar maƙwabci. Mu koma ga yaron nan. A ce ya tsere bayan zama na biyu. Kotu za ta kira masu tsaya masa su kawo shi, ko su faɗi dalilin da zai hana a karɓi naira 500,000 daga hannunsu. Idan dalilin bai gamsar ba, sai su biya, ko a kama dukiyarsu a sayar, kuma a dokar tarayya wanda ya kasa biya zai iya shan ɗauri har wata 6. Akwai mafita tun kafin a kai nan: idan ka ga take-taken wanda ka tsaya wa sun canja, ka nemi kotu ta sauke maka nauyin tun yana hannu, shi kuma a ce ya kawo wani. Mace ma tana da damar tsayawa, sashe na 167(3) na waccan dokar tarayya ta 2015 ya hana a ƙi ta don kawai ita mace ce, don haka uwa ko matar aure kada ta yarda a kore ta daga ofishin rajistara da cewa sai an kawo namiji.