Yadda hukumar fansho ta karɓi wasiƙata ta sauya asusu da magada

Alhamdu lillahi, bayanan fanshona sun daidaita kafin in ajiye aikin koyarwa. Wasiƙar da na rubuta ta sauya asusun banki da sunayen magada an yi ta dawo min da ita. Na zaci sa hannu ne, na sake. Na zaci hoto ne, shi ma ba shi ba.

Ashe sunan da ke asusun ya bambanta da na fayil ɗin aikina: bankin ya sa sunan mahaifina a tsakiya, fayil kuwa babu.

Sai na fara da banki, suka ba ni takardar shaidar asusu mai hatimi, na haɗa da takardar rantsuwa cewa sunayen biyu mutum ɗaya ne. Sannan na sake wasiƙar: lambar fayil a sama, tsohon asusu, sabon asusu. Magada kuwa, kowa da cikakken sunansa kamar yadda yake a katin shaidarsa, ranar haihuwa, dangantakarmu da kasonsa, jimilla kashi 100. Na ƙara layin da ya soke tsofaffin sunayen magada, don rashinsa kan jawo wa iyali rigima.

Na miƙa, aka buga hatimin karɓa a kwafina. Na gode wa ma'aikaciyar da ta gano bambancin.