Ƙidayar taku: me ya sa agogo da waya suke saɓawa?

Agogon hannu mai ƙirga taku da waya ba sa ganin ƙafarku. A cikin kowannensu akwai 'yar na'ura mai jin motsi, kuma daga girgizar da ta ji take kintata cewa an yi taku. Agogo yana jin lilon hannu. Waya kuwa, in tana aljihu, motsin ƙugu take ji. Daga nan saɓanin ya samo asali.

Matar da take daka ko wanki tana wuri guda, amma agogo yana ta rubuta mata taku saboda hannu bai huta ba. Mai tura kurar ruwa kuma ya zagaye unguwa, agogonsa ya ƙirga kaɗan, don hannuwansa a kafe suke a kan ƙarfe. Haka ma wanda ya dafe kaya a ka. Ita waya matsalarta ajiya: duk takun da aka yi tana caji ya tafi a banza. Babur a hanya mai gargada yana iya ruɗa su duka biyun, kuma tafiyar sanɗa irin ta tsofaffi takan kuɓuce musu.

Ku gwada da kanku. Ku rubuta lambar da kowanne yake nunawa, ku sa waya a aljihun wando, ku yi taku 200 a fili kuna ƙirgawa da baki, hannu a sake. Ku jira minti biyu kafin ku duba, don waya takan yi jinkirin sabunta lamba. Kuskuren da bai wuce taku 10 ba ba abin damuwa ba ne. In agogo ya yi nisa da gaskiya, ku ɗaure shi sosai a hannun da ba ku cika aiki da shi ba. Bayan haka ku riƙe na'ura ɗaya, kada ku tara lambobin biyu.

Batun taku 10,000 a rana da ake yawan faɗa, daga tallar wata na'urar ƙidaya ya fito a Japan a 1965. Wani bincike na 2019 a kan mata tsofaffi a Amurka ya ga amfani ga lafiya tun daga wajen taku 4,400 a rana, amfanin yana ƙaruwa har wajen 7,500. Don haka daga inda kuke za ku fara.

A ɗauki tela mai wuni a zaune. Ya yi kwana bakwai bai canza komai ba, jimlar takunsa 24,500. Raba bakwai, 3,500 ke nan a rana. Burinsa na farko 4,000 ne. Ƙarin 500 ɗin tafiyar minti biyar ce kawai, tunda mai sauri yana yin wajen taku 100 a minti. In ya cika burin kwana biyar cikin bakwai, sai ya ƙara 500. In bai cika ba, ya sake mako a kai. Mai ciwon zuciya, ko wanda ƙirjinsa ke ɗaurewa in ya yi sauri, ya fara ganin likita tukuna.