Yadda na gano shafin bogi wajen tantance takardar shaida

Wani matashi ya kawo mini takardar kammala kwas ɗin kwamfuta yana neman aiki a shagona. Na haska QR da ke ƙasanta da waya, shafi ya buɗe da tambarin makarantar, da sunansa, da alamar kore cewa takardar gaskiya ce. Na kusa amincewa, sai adireshin ya tsaya mini a rai.

Sunan makarantar yana farko, amma abin da ke gab da "/" na farko bayan https:// wani suna ne daban. Can ne ainihin mai shafin yake, ko me aka jera a gaba. QR adireshi ne kawai aka mayar zane, kowa zai iya buga nasa, kuma ɗan kwaɗon https bai nuna shafin na wane ne ba.

Na rufe shi. Na rubuta adireshin makarantar da hannuna daga tsohuwar wasiƙarsu, wadda ta ƙare da .edu.ng, na shigar da lambar takardar. Lambar tana nan, amma sunan wata mace ya fito, shekarar ma daban. Na kira ofishin rajista da lambar da ke shafinsu, ba ta jikin takardar ba, suka tabbatar ba su san matashin ba.