Yadda Ake Fitar Da Jimillar Albashi Daga Rajista Don Akanta Ya Daidaita Lissafin Wata

Duk sabon yaron da aka ba wannan aikin a ofishinmu waje ɗaya yake faɗuwa, nima nan na faɗi, wato haɗa fanshon da aka cire wa ma'aikaci da wanda kamfani ke zubawa daga aljihunsa. Toh bari mu bi a hankali.

Da farko kar ka taɓa rajistar kanta, kwafe ta ka yi aiki a kan kwafin. Ka goge layukan jimillar sashe-sashe da ke tsakiya, in ba haka ba SUM zai ƙirga su kuɗi ya ninka. Sai ka duba kolum ɗin albashi, mu ce F ne, ko akwai adadin da Excel ya ɗauka a matsayin rubutu:

```
=COUNTA(F2:F41)-COUNT(F2:F41)
```

In bai ba ka 0 ba akwai albashin da ba ya shiga lissafi.

Yanzu buɗe sabon shafi ka raba shi gida uku: albashi kafin a cire komai, abin da aka cire, sai abin da kamfani ya ƙara. Misali ma'aikata 40, duka albashinsu N2,000,000, a ciki ainihin albashi da kuɗin gida da na mota sun kama N1,500,000. A kan wannan ake lissafa fansho, dokar 2014 ta ce aƙalla kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga kamfani. Kenan N120,000 da N150,000. Mu ce harajin PAYE N140,000, bashin da ake cirewa N60,000. Abin da aka cire ya zama N320,000, wanda zai shiga asusun ma'aikata N1,680,000, kuma dole ya yi daidai da abin da banki ya fitar har kwabo.

Waccan N150,000 ɗin ba ta da hurumi a gida na biyu, ma'aikaci bai taɓa riƙe ta ba balle a cire masa. Watan da na sa ta can, na samu N1,530,000, na wuni ina bin sunaye ɗaya bayan ɗaya har la'asar, akanta ya leƙo kawai ya ce "Malam, giɓin naka nawa ne?" Na ce dubu ɗari da hamsin cif, ya nuna min kolum ɗin da biro ya wuce. Tun ranar, in lissafi ya ƙi, giɓin nake fara kwatantawa da jimillar kowane kolum kafin in taɓa sunan kowa.

Gida na uku sai ka sa N150,000 ɗin da kashi 1 na duka albashi da ake biyan NSITF, asusun diyyar ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki, wato N20,000, ainihin abin da albashi ya ci wa kamfani N2,170,000 kenan. A ƙasa ka rubuta N270,000 da za a tura na fansho, da PAYE da ake biya zuwa 10 ga wata mai zuwa. Ni dai ba na miƙawa sai na sa adadin ma'aikata na watan jiya kusa da na wannan watan, don shi akanta zai fara tambaya.