Darasi na Bakwai: Fitar da Kaya daga Sito da Takardar Neman Kaya

A darasin da ya wuce mun koyi karɓar kaya da jera su a kan kanta. Yau za mu ga yadda ake fitar da su. Za mu bi Malam Sani, mai kula da siton wata makarantar sakandare a Tudun Wada, cikin Kaduna, a wata safiyar Litinin da jarrabawa ta ƙarato.

Da misalin ƙarfe tara Baba Audu masinja ya yi sallama a bakin sito, riƙe da fom. Wannan fom shi ne takardar neman kaya. Malama Hadiza, mai kula da shirya jarrabawa, ita ta cike shi. Shugaban makaranta kuma ya sa hannu.

Malam Sani bai taɓa ko biro ɗaya a kan kanta ba tukuna. Ya zauna ya karanta. Ya duba kwanan wata, ya duba sunan mai nema da sashenta, sannan ya tsaya a kan sa hannun shugaba. A cikin aljihun teburinsa akwai wata takarda mai ɗauke da samfurin sa hannun mutum biyu, shugaba da mataimakinsa, su kaɗai ke da ikon ba da izini. Da ita yake kwatantawa. Fom ɗin da mai nema kaɗai ya sa wa hannu roƙo ne kawai, bai zama izini ba.

Lamba uku, gida uku

A gaban kowane kaya akwai gida uku a jere. Na farko, adadin da aka nema. Na biyu, adadin da aka amince. Na uku, adadin da aka bayar. Mai nema ke cike na farko, shugaba ke cike na biyu, na ukun kuwa naka ne kai mai sito. Kada alƙalaminka ya shiga gidan da ba naka ba.

Ga abin da ke cikin fom ɗin. Farar takarda: an nemi rim 10, shugaba ya amince da 6. Alli: an nemi kwali 5, an amince da 5. Jan biro: an rubuta 2, an amince da 2.

Baba Audu ya ce, "Malam, ta ce fa goma take so, takardun tambayoyi suna da yawa."

Malam Sani ya ce, "Baba, ai shida shugaba ya rubuta. In shida ba za su isa ba, ta koma wurinsa ya ƙara, ni ba ni da wannan iko."

Idonka ya riƙa tsayawa a gida na biyu. Sabon mai sito yakan yi kuskure a nan, ya karanta lambar farko da idonsa ya faɗa a kai, ya ɗebo goma. Rim huɗun da suka haura babu wanda ya ba da izininsu, kuma ranar da masu bincike suka zo, shi za a tambaya.

Biyu na me?

A kan jan biro Malam Sani ya daɗe. An rubuta 2, amma ba a faɗi ko guda biyu ba ne, ko dozin biyu, ko kwali biyu. Dozin guda 12 ne. Kwalin biron da ke sitonsa guda 50 ne a ciki. To ka ga tsakanin guda 2 da guda 100 akwai nisa. Haka takarda take: rim ɗaya falle 500 ne, katan ɗaya kuma rim 5. Wanda ya rikita rim da katan ya ba da ninki biyar na abin da aka ce.

Bai yi ƙiyasi ba. Ya mayar da Baba Audu. Malama Hadiza ta rubuta "dozin" a gefen lambar, shugaba ya sa ɗan hannu a wurin gyaran. Duk inda aka yi gyara ko kankara a fom, sai mai ba da izini ya sa hannu kusa da shi. Ba don ana zargin kowa ba ne. Amma 1 tana zama 10 da ƙarin sifiri ɗaya kacal, shi ya sa wasu ofisoshi suke so a rubuta adadin da lamba, a kuma rubuta shi da kalmomi.

Idan kaya bai kai ba

Alli kwali 5 aka amince, amma 3 suka rage a kan kanta. Malam Sani ya ba da ukun, ya rubuta 3 a gidansa, ya ƙara a gefe: "Saura 2, babu a sito." Akwai masu rubuta 5 da niyyar su cika daga baya in an kawo sabo. A ganina babu ɗabi'ar da ta fi wannan rikita sito. Takarda ta ce an fitar da biyar, hannu ya fitar da uku, bayan wata guda ba mai tunawa. Abin da ya fita ta ƙofa shi ake rubutawa.

Wajen ɗauka kuma, tsohon kaya ake fara bayarwa. Alli da takarda suna shan danshi da damina, biro kuma yakan bushe in ya daɗe a ajiye.

Ya ƙirga kayan a gaban Baba Audu, da murya: rim shida, alli kwali uku, biro ashirin da huɗu. Ya ja layi a karkace ya rufe sauran layukan fom da ba a rubuta komai a kansu ba, don kada a ƙara wani abu daga baya. Ya sa hannu a wurin mai bayarwa. Baba Audu bai iya rubutun boko ba, sai ya dangwala babban yatsa a wurin mai karɓa, Malam Sani ya rubuta sunansa a ƙasa. Asalin fom ya shiga fayil ɗin sito, kwafi ya bi kaya.

Katin kaya

Kowane kaya yana da katinsa a jikin kanta. Kafin wani ya sake shigowa, Malam Sani ya ɗauki katin farar takarda. Ragowar da ke rubuce 23 ce. Ya rubuta kwanan wata da lambar fom, a gidan fita ya sa 6, a gidan ragowa ya sa 17. Sannan ya waiwaya ya duba kanta. Da safe akwai katan 4 da rim 3 a waje. Ya ba da ukun nan, ya farke katan ɗaya ya cire uku. Yanzu saura katan 3, wato rim 15, da rim 2 a buɗaɗɗen katan. 15 da 2 sun zama 17. Kati da kanta sun yi daidai.

Da zai ga 16, ba zai taɓa lambar kati ba. Zai sake ƙirgawa, ya bi fom ɗin fayil ɗaya bayan ɗaya daga ranar da lissafi ya yi daidai na ƙarshe. Sau da yawa a nan ake tuno ranar da wani babba ya leƙo ya ce, "Ba ni rim ɗaya, fom yana zuwa," fom kuwa bai zo ba har yau. In hakan ta taso maka, ka miƙa masa fom da biro cikin ladabi, ka ce, "Ranka ya daɗe, ga shi, minti ɗaya ne."

Aikin aji

Katin littafin rubutu ya nuna ragowa dozin 9. An kawo fom: an nemi dozin 6, an amince da 4. Nawa za ka rubuta a gidanka, nawa kuma zai rage a kati? Guda nawa za ka ƙirga wa mai karɓa?

Ku zauna biyu-biyu. Ɗaya ya zama masinjan da ya kawo fom babu sa hannun shugaba, ɗaya ya zama mai sito. Malami zai saurari yadda za ku rabu.