Yadda Ake Ba Maraƙi da Ɗan Akuya Dakashi a Kan Lokaci

Maraƙi yakan zo duniya ne ba shi da garkuwar jiki, haka ma ɗan akuya. A wajen ɗan Adam, sinadaran kariya na uwa suna ratsa mahaifa su shiga jinin jariri tun yana ciki. Mahaifar saniya da ta akuya ba ta ba su hanya. Duk cutar da uwa ta taɓa fama da ita ta warke, da duk rigakafin da aka yi mata, kariyarsu tana taruwa ne a hantsa a makonnin ƙarshe na ciki, ta fito cikin wannan nono na farko mai kauri, mai launin ɗorawa, wanda muke kira dakashi. Dakashi mai kyau yana ɗauke da giram 50 ko fiye na waɗannan sinadarai a kowace lita, alhali nonon yau da kullum bai kai ko giram 1 ba. Ga kuma maiƙo da ke ɗumama jiki, sannan shi ne ke tura baƙin kashin nan na farko ya fita.

Abin da ke sa mutane asara shi ne lokaci. Hanjin jaririn dabba yana barin waɗannan sinadarai su wuce cikin jini yadda suke, ba tare da an narkar da su ba, amma na ɗan lokaci kaɗan. Ƙofar a buɗe take sosai a awa 2 na farko. Daga awa 6 ta fara ƙunci, a awa 12 abin da ke wucewa ya ragu ƙwarai, kafin awa 24 kuwa ta rufe. Dakashin da aka bayar a rana ta biyu abinci ne mai kyau, yana kuma taimaka wa cikin hanji, amma ba ya shiga jini. Kuma ƙofar nan ba ta zaɓe: ƙwayoyin cuta ma ta nan suke bi idan suka riga dakashi isa.

Mataki na 1: Ƙiyasta lokacin haihuwa, ka san nauyi

Lissafin awanni yana farawa ne daga lokacin da ɗan ya faɗo, ko kana wurin ko ba ka nan. Idan ka fito da asuba ka tarar da maraƙi ya bushe har yana tsaye, to ka ɗauka awanni sun riga sun tafi, ka yi sauri. Sai awo. Ɗan akuya a sa shi cikin buhu a rataya a sikeli. Maraƙi kuma ka ɗauke shi ka hau sikeli, sannan ka cire nauyinka.

Mataki na 2: Tatso da wuri, da tsabta

Wanke hannu, ka goge hantsa da kan nono da ruwan ɗumi, ka tsane da tsumma mai tsabta. Matse kowane kan nono sau biyu ko uku a ƙasa, don toshiyar da ke bakinsa ta fita. Akuya musamman, wani lokaci ɗan zai yi ta tsotso a kan nonon da ke toshe, mai shi yana ganin komai lafiya.

Kada a jinkirta tatsa. Da zarar uwa ta haihu, nono na gaske yana fara zubowa cikin hantsa yana tsinka dakashin, har ya kan rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa idan aka bar shi awa 14. Tatsar farko ita ce dakashi na gaskiya. Ta biyu da ta uku sun fi nono, amma ba su kai ta farko ba. Saniyar da nononta ke zuba tun kafin haihuwa, ko wadda aka ci gaba da tatsa har ta haihu, kada ka dogara da nata. Wanda ke da jini, ko gudaji, ko wari, ko ya fito daga hantsa mai kumburi da zafi, a zubar.

Ido yana yaudara, domin kauri da launi ba su cika nuna ƙarfi ba. Mai dabbobi da yawa zai amfana da ƙaramar na'urar nan ta hannu da ke auna kaurin ruwa a ma'aunin Brix. Ɗigo biyu ake sa mata. Idan ta nuna 22% ko sama, dakashin ya isa a yi ciyarwar farko da shi. Idan ƙasa da haka ne, a nemi wani, wannan kuma a ajiye shi don ciyarwa ta gaba.

Mataki na 3: Auna abin da zai sha

Ga maraƙi, ƙa'idar ita ce kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, cikin awa 2 na farko idan da hali, kada dai a wuce awa 6. Bayan awa 6 zuwa 12 da haihuwa a ƙara masa rabin wancan. Mai kilo 40 zai sha lita 4 ke nan, sannan lita 2. Mai kilo 25 kuwa lita 2 da rabi.

Ga ɗan akuya, cikinsa ƙarami ne, don haka kaɗan-kaɗan ake ba shi: mililita 50 a kan kowane kilo a sha ɗaya, sau huɗu a kwana na farko, jimla mililita 200 a kan kowane kilo. Na farkon ya shiga cikin awa 2. Shi ba kariya kaɗai yake nema ba. Ɗan kitsen da aka haife shi da shi na 'yan awanni ne, idan ya ƙare ciki ba komai, sanyi ne zai kashe shi tun kafin wata cuta ta samu zarafi.

Bari mu ɗauki misali. Karsana ta yi haihuwar fari da misalin ƙarfe 4 na asuba bayan ta sha wuya, an tarar da maraƙin ƙarfe 5 da rabi, kilo 30, kansa da harshensa sun ɗan kumbura. Yana ta lalube a gefen cikin uwar, ita kuma tana harbi duk sanda ya taɓa hantsa. Rabonsa lita 3 ne, kuma lita 3 na dakashi mai giram 50 a lita ya ba shi giram 150, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da ake so maraƙi ya samu. An ɗaure uwar, an tatso lita 2. An ba shi da bulumboti, ya sha lita 1 da kwata ya gaji. A nan ne akasari ake kuskure, a ce a bar shi ya huta zuwa hantsi. Ragowar a ba shi nan take da robar ɗura, wato siririyar robar da ake zurawa ta baki zuwa ciki, lita ɗayan da ta rage a samo daga wata saniyar garken da ta haihu a ranar, ko daga ajiya, a ba shi kafin ƙarfe 10. Wajen azahar a ƙara masa lita 1 da rabi. Da akuya ce ta haifi tagwaye, ɗaya kilo 3 ɗaya kilo 2, babban zai sha mililita 150 a kowane zagaye, ƙaramin 100, kuma ƙaramin za a fara ba, domin in an bar su da uwar babban ne zai ƙwace.

Mataki na 4: Hanyar bayarwa

Ganin ɗa a ƙarƙashin uwa ba shaida ba ce cewa ya sha. Ka durƙusa ka duba: kan nonon yana cikin bakinsa? Maƙogwaronsa yana motsi? Bayan ya gama, tallafi cikinsa da hannu biyu a bayan haƙarƙari. Wanda ya ƙoshi cikinsa a cike yake, hantsar uwa kuma ta yi laushi a gefen da ya sha. Ɗan akuyan da ke tsaye ya ƙudundune baya, kwiɓinsa a lotse, yana ta kuka, yunwa yake ji. Sa yatsa a bakinsa. Idan bakin da sanyi, abin ya fara nisa.

Bulumboti ya fi, in dai ɗan yana tsotso. A ba shi yana tsaye ko a zaune kan ƙirjinsa, dakashin da ɗumin jiki, wajen digiri 38 zuwa 39. Ɗura da kwalba ko kofi ana ɗaga kai sama, wannan ni ban yarda da ita ba ko kaɗan, domin ruwan yakan bi hanyar iska ya sauka a huhu.

Wanda ya kasa tsotso, robar ɗura ce mafita, kuma karon farko ka nemi likitan dabbobi ya nuna maka da hannunsa. A ɗan akuya ana gwada tsawon robar a waje, daga baki zuwa haƙarƙarin ƙarshe, a yi alama. A zura ta a hankali ta gefen baki yana haɗiya. Ɗora yatsu a gefen hagu na wuyansa: idan ta bi hanyar abinci za ka ji tana wucewa ƙarƙashin fata. Idan ba ka ji ta ba, ko yana tari yana fizge-fizge, ko ta tsaya tun ba ta kai alamar ba, zaro ta ka sake. Bar dakashin ya gangara da kansa, in an gama a lanƙwasa robar kafin a zaro don kada ragowar ta ɗiga a hanyar iska. Ɗan da ya kwanta sharaf, ba ya iya ɗaga kai, ba a yi masa ɗura. A kira likita, domin mai yiwuwa sai an yi masa allurar sukari kafin a ɗumama shi.

Mataki na 5: Yi ajiya tun kafin buƙata

Uwa na iya mutuwa wajen haihuwa, ko ta ƙi ɗanta. Duk sanda lafiyayyar uwa wadda ta yi haihuwa da yawa ta ba da fiye da buƙatar ɗanta, a ɗebi rarar tatsar farko. A wuri mai ɗumi ƙwayoyin cuta suna ninka kansu cikin kusan rabin awa, don haka kada bokiti ya yini a ajiye. A firji ya yi kwana 1 zuwa 2, a firiza kuma yakan kai shekara muddin bai narke ba. A zuba a leda mai faɗi, lita ɗaya-ɗaya don maruƙa, mililita 100 zuwa 150 don 'yan awaki, a rubuta kwanan wata. Wajen narkarwa a tsoma ledar a ruwa mai ɗumin da hannu zai iya jurewa, wajen digiri 50. Tafasasshen ruwa yana dafa sinadaran, su tashi aiki. Idan babu na akuya, na saniya zai yi wa ɗan akuya, ya fi a ba shi nono zalla. Amma uwar da ake zargi da tarin fuka, ko ta yi ɓari, ko ta daɗe tana zawo tana ramewa, ba a ɗaukar nata, domin dakashi na iya kai cuta kamar yadda yake kai kariya.

Yadda za ka gane an yi sake

Wanda bai samu isasshe ba, ranar farko ba za ka ga komai ba. Cikin mako na farko zuwa na uku ne abin ke fitowa: zawo, cibiya ta kumbura tana ruwa, gwiwoyi su kumbura yana ɗingishi, daga baya tari da numfashi sama-sama. Idan irin wannan yana maimaituwa a garke, likita zai iya ɗibar jinin 'yan kwana 2 zuwa 7 ya auna furotin ɗin da ke ciki. A maruƙa, ƙasa da giram 5.2 a kowace mililita 100 yana nuna dakashin bai shiga yadda ya kamata ba. Sai a koma a bi sawu ɗaya bayan ɗaya: ƙarfe nawa aka tatsa, ƙarfe nawa ya sha, lita nawa, kuma a wane irin bokiti.