Yadda ake haɗa MACD, da inda yake yaudarar mai ciniki

MACD, wanda Gerald Appel ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1970, ma'auni ne da masu cinikin hannun jari ke dubawa don sanin lokacin saye da sayarwa; tazara ce kawai tsakanin matsakaicin farashi guda biyu, mai sauri da mai nawa. Farashin rufe kasuwa kaɗai ake ba shi.

Da farko a lissafa matsakaicin da ake kira EMA, wanda ya fi ba sabon farashi nauyi:

```
k = 2 / (n + 1)
EMA = EMA_jiya + k × (farashi − EMA_jiya)
```

A nan n yawan kwanaki ne, k kuma nauyin sabon farashi. Mai sauri, na kwana 12, nauyinsa 0.1538, mai nawa, na kwana 26, kuma 0.0741. A ranar farko babu EMA na jiya, don haka ake farawa da matsakaici na yau da kullum. Sai a ɗebe na 26 daga na 12, abin da ya rage shi ne layin MACD. A sake yi wa wannan layin EMA na kwana 9 (nauyi 0.2), a samu layin sigina. Sandunan da ake gani a ƙasan jadawali, waɗanda Thomas Aspray ya ƙara a 1986, bambancin layukan biyu ne.

A ce jiya EMA na 12 yana kan 104, na 26 yana kan 102, sigina 1.5, yau kuma aka rufe a 110. Na 12 ya koma 104.92, na 26 ya koma 102.59. MACD ya tashi daga 2 zuwa 2.33, sigina 1.67, sanda 0.66.

To, a ce farashin ya tsaya cak a 110, ko motsi babu. MACD zai ci gaba da hawa har kusan 2.84 a rana ta huɗu ko ta biyar, kamar kasuwa na ƙara ƙarfi, alhali matsakaitan biyu ne ke ƙoƙarin cimma farashi. Daga nan ya fara sauka, wajen rana ta goma ya faɗa ƙasan sigina. Mai bin ƙa'idar "in ya tsallaka ƙasa a sayar" zai sayar, ba tare da farashi ya faɗi ko kaɗan ba.

Wannan jinkirin a jikin lissafin yake. In aka rage kwanakin don ya yi sauri, tsallakawar ƙarya ce za ta yawaita. Ya fi cutarwa a kasuwar da ke kai-komo wuri guda: layukan su manne kusa da sifili suna ta tsallaka juna, a saya a sama a sayar a ƙasa, kuɗin dillali na cin jari. Ganin layukan kwance haka, da gajerun sanduna masu sauya ɓangare, ya isa a ɗage hannu.

Kuma da ma'aunin farashi yake magana, ba shi da rufi. MACD na 2 a hannun jarin da ke kan 20 babban motsi ne, a na 2,000 kuwa ba komai ba ne. Mai son kwatanta su sai ya raba tazarar da EMA na 26, ya mayar da ita kashi cikin ɗari.